Rajistar aiki: babin sigar gaba da sigar sharaɗi a littafin koyon Sifaniyanci

6 ga Janairu

Aikin wannan zango shi ne babin da ya shafi sigogi biyu na aikatau, wato wadda masu harshen ke kira *futuro* da wadda suke kira *condicional*. Littafin na manya ne masu jin Hausa da ke koyon Sifaniyanci, kuma kowane darasi sai na gwada shi a ajin yamma kafin in tabbatar da shi a rubuce. A cikin babin zan kira ta farko sigar gaba, ta biyu kuma sigar sharaɗi, ko da yake sunayen biyu suna ɓoye fiye da rabin aikin da sigogin ke yi.

Ginin sigogin ba shi da wuya, don haka shafi biyu kawai na ba shi. Ana ɗaukar aikatau yadda yake a ƙamus, kamar *hablar* (yin magana), sai a liƙa masa ɗafa-ƙeya. Na sigar gaba su ne *-é, -ás, -á, -emos, -éis, -án*, na sigar sharaɗi kuwa *-ía, -ías, -ía, -íamos, -íais, -ían*, kuma ba sa sauyawa ko wane rukuni aikatau ya fito. Asalin na sigar gaba shi ne aikatau *haber*, wanda a da ake furta shi daban a bayan babban aikatau, har daga baya suka haɗe suka zama kalma guda, abin da Antonio de Nebrija ya riga ya lura da shi a nahawunsa na 1492. Amfanin wannan tarihi ga ɗalibi shi ne, duk wanda ya haddace *he, has, ha, hemos, han* ya riga ya san yawancin ɗafa-ƙeyar ba tare da sabuwar hadda ba. Akwai aikatau 12 da tushensu ke sauyawa, irin su *tener* da ke komawa *tendr-*, da *poder* zuwa *podr-*, da *decir* zuwa *dir-*, da *hacer* zuwa *har-*, kuma tushen da ya sauya ɗaya ne a sigogin biyu, saboda haka hadda ɗaya ta wadatar.

Sauran babin gaba ɗaya zai tafi ne a kan amfani, domin a nan ne mai koyo ke jin jimlar da ya san kowace kalma a cikinta amma ya fahimce ta a karkace.

15 ga Janairu

Na kammala darasin zato da sigar gaba, na kuma gwada shi. Na fara da jimlar *Serán las cinco*, na nemi ajin su faɗi ma'anarta, kuma kusan kowa ya ce tana nufin ƙarfe biyar za ta yi. A mafi yawan wuraren da ake furta ta ba haka take nufi ba. Mutum ne aka tambaye shi lokaci alhali ba agogo a hannunsa, sai ya dubi rana ya ce ina jin ƙarfe biyar ce. Magana ce a kan yanzu, kuma sigar gaba ta shigo ne kawai don ta nuna cewa mai maganar bai tabbatar ba. Idan yana da agogo zai ce *Son las cinco*. Idan kuwa nufinsa biyar ta kusa, zai ce *Van a ser las cinco*, domin ginin *ir a* tare da aikatau, wanda shi ne aka fi amfani da shi a hirar yau da kullum wajen maganar abin da za a yi, ba ya ɗaukar wannan ma'ana ta zato. Babban nahawun da hukumar harshen ta Sifaniya ta fitar tare da takwarorinta na sauran ƙasashe a 2009 yana kiran wannan amfani *futuro de conjetura*.

Abin da ya buɗe wa ajin hanya shi ne cewa Hausa ma tana yin haka. Idan aka tambaye mu shekarun wani baƙo muka ce zai kai shekara arba'in, ba muna nufin nan gaba ne zai cika arba'in ba, ƙiyasi muke yi a kan shekarunsa na yau. Haka ma idan muka ce mutanen da ke ɗakin za su yi ashirin. Jimlar *Tendrá unos cuarenta años* ita ce daidai wannan, kuma da na ajiye su gefe da gefe a allo, ba wanda ya sake neman ƙarin bayani. Bambancin shi ne mu mun fi yin haka wajen ƙidaya da awo, su kuwa sun faɗaɗa shi zuwa kusan kowane irin zato. An ƙwanƙwasa ƙofa da dare, sai mai gida ya ce *¿Quién será?*, wato ko wane ne, kuma ba amsa yake jira daga kowa ba. An nemi mai shago ba a gan shi ba, sai maƙwabcinsa ya ce *Estará en el banco*, wato wataƙila yana banki.

Akwai iyaka guda da na ga dole in ba ta sakin layi nata, domin littattafan koyo da yawa suna tsallake ta. Ma'anar zato tana fitowa cikin sauƙi ne da aikatau masu nuna hali ko yanayi, irin su *ser, estar, tener, saber* da *haber*. Da aikatau masu nuna aiki kuwa, kunne yana karkata zuwa ga lokaci mai zuwa na gaskiya. *Comerá en casa* an fi fahimtarta da cewa zai ci abinci a gida, nan gaba. Wanda ke son ya ce wataƙila yana can yana cin abinci yanzu, sai ya ce *Estará comiendo*, wato ya ɗora sigar gaba a kan *estar* ya bar babban aikatau a sigar ci gaba. Gwajin da na ba ajin shi ne su cire sigar gaba su sa ta yanzu tare da *probablemente*. Idan jimlar ta zauna daidai a inda aka faɗe ta, to zato ne, idan kuwa ta ƙi zama, musamman idan akwai kalma irin *mañana* a kusa, to maganar gobe ce.

24 ga Janairu

Darasi na gaba ya ginu a kan ƙa'ida ɗaya, wadda a ganina ita ce ƙashin bayan babin: wajen zato, kowace siga tana magana ne a kan lokacin da ke bayanta da taki ɗaya. Sigar gaba tana zato a kan yanzu, sigar sharaɗi kuma tana zato a kan abin da ya wuce. Na tsara misali guda da aka bi shi daga farko zuwa ƙarshe, maimakon jimloli barkatai.

Mutum biyu sun je shago sun tarar da shi a rufe. Wanda ya san dalili zai ce *Está enfermo*, ba shi da lafiya, wanda ke zato kuwa *Estará enfermo*. Idan wanda ya sani ya ce *Ha salido*, ya fita, mai zato zai ce *Habrá salido*, ƙila fita ya yi. Bayan mako guda suna tuna abin, wanda ya sani zai ce *Estaba enfermo*, mai zato kuma *Estaría enfermo*, ƙila ba shi da lafiya ne a ranar. A mataki na ƙarshe, *Había salido* ta mai sani tana komawa *Habría salido* a bakin mai zato. Sigogi huɗu na tabbas, kowace da 'yar'uwarta ta shakka.

Wurin da ajin ya tsaya shi ne *Estaría enfermo*, domin sun saba da cewa sigar sharaɗi tana jiran wani sharaɗi, kamar a *Si tuviera dinero, viajaría*, da ina da kuɗi da na yi tafiya. Sai suka yi ta neman sharaɗin a cikin jimlar ba su same shi ba. Alamar da za a gane ita ce idan ba *si* a kusa, ba kuma wani sharaɗi da aka fahimta daga hirar, sannan akwai abin da ke nuna lokacin da ya shuɗe, to zato ne. *Serían las once cuando llegó* tana nufin wajen ƙarfe sha ɗaya ne ya iso, kuma haka mai ba da shaida ko mai ba da labari ke magana idan bai duba agogo ba a lokacin.

Na yi niyyar saka amfani na rangwame, irin *Será muy listo, pero no escucha*, wato ko da yana da basira ba ya saurare, amma na mayar da shi ƙaramin bayani a ƙarshen shafi. Ya isa mai koyo ya gane shi idan ya ji, ba sai ya iya furta shi a wannan mataki ba.

4 ga Fabrairu

Darasin ladabi ya fi cin lokaci, saboda a nan Hausa tana jan ɗalibi zuwa wata hanya dabam. Mu idan za mu roƙi abu cikin ladabi muna cewa ko za ka taimaka ka rufe tagar, wato da sigar lokaci mai zuwa muke tausasa roƙo. Ɗalibi yana ɗauko wannan ɗabi'a sai ya ce *¿Podrás cerrar la ventana?*, wadda ba zagi ba ce, amma tambaya ce a kan ko za ka samu iko nan gaba. Abin da ke tausasa roƙo a Sifaniyanci sigar sharaɗi ce: *¿Podrías cerrar la ventana?* ga wanda ake kira *tú*, da *¿Podría cerrar la ventana?* ga wanda ake girmamawa da *usted*. Harafi ɗaya ne tsakanin *podrás* da *podrías*, amma aikinsu ya bambanta. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne sigar gaba ba tare da tambaya ba, domin *Me darás el recibo* tana fita ne kamar umarnin wanda ba ya jiran musu. Da wannan siga aka rubuta dokokin nan na Attaura a fassarar Sifaniyanci, irin *No matarás*, kuma da ita uwa ke tsawata wa ɗanta. Bai dace baƙo ya fuskanci ma'aikacin ofis da ita ba.

Na jera roƙo ɗaya a matakai, a wurin sayar da tikitin jirgin ƙasa. *Quiero un billete para Sevilla* kai tsaye ce, tana iya yin kaushi idan murya ba ta tausasa ta ba. *Quería un billete* ita ce aka fi ji a shaguna a Sifaniya, kuma ko da yake sigar abin da ya wuce ce, ba wanda ke fahimtar cewa mai saye ya fasa. *Querría* da *quisiera* sun fi ta nauyi, kuma *quisiera* ta yaɗu ƙwarai a ƙasashen Amurka masu jin harshen. Ga buri ko neman ganawa akwai *Me gustaría hablar con el director*, ina so in yi magana da shugaba, kuma a nan ma kuskuren da ya fi yawa a takardun ajin shi ne *me gustará*, wadda hasashe ce cewa abin zai yi mini daɗi, ba roƙo ba.

Shawara ma haka take. *Debes ir al médico* wajabtawa ce, *Deberías ir al médico* kuwa ita ce ya kamata ka je wurin likita, tana bar wa mai saurare zaɓinsa. *Yo que tú, iría* ta yi daidai da namu da ni ne da na je, kuma ajin sun karɓe ta nan take.

Ina da ra'ayi a kan wani abu da na sa a babin duk da cewa yana rikitar da ƙa'idar. Ladabin ba ya ƙaruwa kullum da ƙaruwar sigar sharaɗi. A gidan shan kofi a Madrid, *¿Me pones un café?* magana ce ta yau da kullum da ba wanda ke jin ta da raini, kuma wanda ya tsaya yana cewa *¿Sería tan amable de ponerme un café?* zai zama kamar mai karanta takardar koke, ko ma a ɗauka gatse yake yi. Wannan doguwar siga wurinta wasiƙar ofis ne, ko magana da dattijon da ba a sani ba. A Meziko ko Kolombiya kuwa an fi tausasa roƙo, kuma kai-tsayen mutanen Sifaniya yana iya yi wa kunne nauyi. Bahaushe ya san wannan a harshensa, domin yadda zai nemi abu a wurin surukinsa dabam ne da yadda zai nema a wurin abokin wasansa, don haka na roƙi ajin su fara tantance wanda ke gabansu kafin su zaɓi siga.

18 ga Fabrairu

Yau na rubuta darasin isar da maganar wani, wanda shi ne asalin aikin sigar sharaɗi a wurin wasu masana. Andrés Bello, a nahawunsa na 1847, bai kira ta da sunan sharaɗi ba, ya kira ta *pospretérito*, wato abin da ke zuwa bayan wani lokaci da ya wuce. Wannan sunan ya fi bayyana abin da ke faruwa a nan. Hausa ba ta sauya sigar aikatau idan ana isar da magana, domin ya ce zai zo tana aiki ko yau ya faɗa ko bara. Sifaniyanci yana duba inda mai isarwa yake tsaye a cikin lokaci.

Misalin da na gina darasin a kansa saƙon waya ne daga mai gyaran famfo zuwa ga ɗan haya: *Pasaré mañana a las diez y traeré la pieza. Cuando termine, te llamaré. Deja la llave al portero.* Ma'anarsa zan biyo gobe da ƙarfe goma in kawo kayan gyaran, idan na gama zan kira ka, ka bar makulli a wurin mai gadi.

Idan ɗan hayar ya karanta wa matarsa saƙon a take, sigogin lokaci ba sa motsi, masu magana ne ke sauyawa, umarnin *deja* kuma ya koma *deje*: *Dice que pasará mañana a las diez, que cuando termine me llamará y que deje la llave al portero.* Idan kuwa kwana uku sun wuce, mai gyaran bai zo ba, kuma ɗan hayar yana kai ƙara wurin mai gida, sai komai ya ja baya: *Dijo que pasaría al día siguiente a las diez y que traería la pieza, que cuando terminara me llamaría y que dejara la llave al portero.* Abubuwa uku ne suka faru a wannan jimla. Duk sigar gaba ta koma ta sharaɗi. Kalmar *mañana* ta koma *al día siguiente*, domin goben mai gyara ba ita ce goben mai ba da labari ba. Sannan umarnin *deja* da kuma *termine* ba su koma sigar sharaɗi ba, sun koma sigar fata da umarni ta lokacin da ya wuce, wadda suke kira *imperfecto de subjuntivo*. A nan ajin suka fi yin tuntuɓe, suna rubuta *dijo que dejaría la llave*, wadda ke juya maganar ta zama mai gyaran ne ya yi alkawarin barin makulli, alhali shi ne ya ba da umarni a bar masa. A rikicin haya na gaske, wannan bambanci shi ne ke nuna wanda ya saɓa.

Akwai hali na tsakiya da na ƙara. Idan an yi maganar jiya amma ranar alkawarin ba ta zo ba, duka *Dijo que vendrá el lunes* da *Dijo que vendría el lunes* daidai ne. Ta farko tana nuna mai isarwa yana ɗaukar alkawarin a matsayin mai rai, ta biyu kuma tana mayar da nauyin maganar ga wanda ya faɗe ta. Na kuma ja hankali a kan alamar da ke saman wasali, domin *terminara* da *terminará* haruffansu ɗaya ne, amma ta farko ana ƙarfafa gaɓarta ta kusa da ƙarshe, ta biyu kuma ta ƙarshe. Kunnen da ya saba da karin sautin Hausa yana kama wannan da wuri idan an furta, a rubutu ne ake mantawa da alamar.

3 ga Maris

Gyare-gyare biyu suka shiga babin bayan duba takardun ajin. Na farko ya shafi *si*, wadda ke da aiki biyu. Idan tana nufin *idan* ko kuma *da* ta sharaɗi, ba a sa sigar gaba ko ta sharaɗi nan da nan a bayanta: *Si viene, avísame* ake cewa, ba *si vendrá* ba, haka kuma *si tuviera*, ba *si tendría* ba. Ana jin *si tendría* a bakin mutanen wasu yankunan arewacin Sifaniya, kamar yankin Bask da Nabara, amma ba a karɓarta a daidaitaccen rubutu ko a jarrabawa. Idan kuwa *si* tana nufin *ko*, a tambayar da ake isarwa, sigogin biyu suna shiga ba tare da matsala ba: *No sé si vendrá*, ban sani ba ko zai zo, da *Me preguntó si vendría*, ya tambaye ni ko zan zo. Hausa ta raba waɗannan da kalmomi biyu, don haka gwajin shi ne a duba ko kalmar *idan* jimlar take buƙata a Hausa ko kuwa kalmar *ko*. Jimlar ƙarshe ta kuma nuna wata matsala, cewa *vendría* ɗaya ce ga ni da shi da ita da *usted*, saboda haka inda hira ba ta fayyace ba sai a sa wakilin suna.

Na biyu shi ne sigar sharaɗi ta 'yan jarida, irin *El ministro habría dimitido*, wadda ke nufin wai ministan ya yi murabus, jaridar ba ta tabbatar ba. Ɗaliban da suka yi karatu a Nijar sun gane ta tun kafin in yi bayani, domin jaridun Faransanci suna yin haka kullum, kuma masu tsaurin ra'ayi a kan Sifaniyanci sun daɗe suna ganin daga can aka aro ta. Littafin salon rubutu na jaridar *El País* ya hana ma'aikatanta amfani da ita, amma nahawun 2009 ya bayyana ta a matsayin abin da ake yi, da sunan *condicional de rumor*. Matsayina a babin shi ne mai koyo ya iya karanta ta, musamman don kada ya ɗauki jita-jita a matsayin labari tabbatacce, amma idan shi zai rubuta ya yi amfani da *según* ko *al parecer* ya ambaci majiyarsa.

12 ga Maris

Abin da ya rage shi ne atisayen ƙarshe, inda ma'anonin ke haɗuwa a siga ɗaya. Jimlar *Dijo que estaría en casa* tana iya zama isar da alkawari, wato mutumin ya ce *Estaré en casa*, zan kasance a gida, tana kuma iya zama isar da zato a kan wani, wato ya ce *Estará en casa*, ƙila yana gida. Nahawu kaɗai ba ya raba su, sai an san wanda ake magana a kansa da abin da aka tambaya kafin nan. Saboda haka na fasa yin atisayen da jimloli guda-guda, na koma gajerun hirarraki masu layi huɗu ko biyar, inda ɗalibi zai rubuta a gefen kowace siga ko zato ce, ko roƙo, ko isar da magana, ko sharaɗi, ya kuma ja layi a ƙarƙashin kalmar da ta nuna masa hakan. An rubuta hirar shago da ta mai gyaran famfo, saura ta asibiti da ta kanun labarai, waɗanda za a gwada a ajin mako mai zuwa kafin babin ya tafi wurin mai dubawa.